Yadda Ake Gano Adadin da Ya Ɓace a Lissafi Idan An San Jimilla

A ce wani dillalin hatsi a Dawanau ya tura yaronsa sayen masara a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Yaron ya turo hoton takardar lissafi ta WhatsApp, amma ruwa ya shafe layin Kiru. Abin da ake iya karantawa shi ne Bebeji naira 420,000, Tudun Wada 630,000, Doguwa 525,000, sannan a ƙasa an rubuta jimilla 1,960,000.

Sai a haɗa ukun da ake gani, su ba da 1,575,000, a cire daga jimillar. Saura 385,000, kuɗin Kiru ke nan. A Google Sheets na waya, idan garuruwan huɗu suna B2 zuwa B5, jimilla kuma tana B6, a bar gidan Kiru fanko, a rubuta wannan a wani gida daban:

```
=B6-SUM(B2:B5)
```

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne wajen shigar da lambobi. Idan mutum ya rubuta N630,000 da harafin N a gaba, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, SUM kuma ya tsallake shi ba tare da wani gargaɗi ba. Amsar sai ta fito 1,015,000, wato an ɗora wa Kiru kuɗin Tudun Wada, a zo ana zargin yaro a banza. Alamar ita ce lamba takan jingina a dama cikin gida, rubutu kuma a hagu. Wanda ke son tabbaci ya gwada wannan:

```
=COUNT(B2:B5)
```

Dole ta nuna 3. In ta nuna 2, akwai lambar da ba a ƙirga ba.

Ko da lissafin ya tafi daidai, ragowar ba ta zama kuɗin Kiru ba sai in jimillar ta ƙunshi waɗannan layuka huɗu kaɗai. Yara da yawa sukan cusa kuɗin mota da na lebura a jimilla ba su ware masa layi ba. A nan farashin buhu yake taimakawa. Idan duk an saya a kan 35,000, to 385,000 buhu 11 ne cif. Da a ce akwai kuɗin mota 40,000 a ciki, ragowar za ta zama 425,000, wanda ya ba da buhu 12 da ɗan guntu, kuma ba wanda ke sayen guntun buhu a irin wannan sari. Wannan gwaji ba ya aiki idan farashi ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Idan kuwa ruwan ya shafe Kiru da Doguwa tare, abin da za a samu shi ne 910,000 na su biyun a haɗe. Babu dabarar da za ta raba shi. Sai a duba alat ɗin banki na ranar, ko a kira wanda ya sayar.