Ina Sauran Kuɗin da Aka Turo?

Ɗan'uwa ya bugo waya daga Landan ya ce ya turo fam 500, a lissafinsa naira miliyan ɗaya ke nan. Alat ya shigo a Kano, sai ga naira 970,000. Kafin a ankara an fara zargin juna, alhali babu wanda ya taɓa ko sisi a cikin dangi. A hanya aka yanke kuɗin, kuma galibi wurare biyu ne ake yankar.

Na farko, wanda ya fi cin mutane, shi ne farashin canji. Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa ya san ɗan canji farashi biyu gare shi: na saye da na sayarwa, ribarsa tana tsakani. A kasuwar kuɗi ta duniya ma haka ne, kuma farashin da ke tsakiyar biyun shi ne wanda kake gani idan ka duba a waya. Kamfanin aika kuɗi ba lallai ya ba ka wannan ba. Nasa yake yankawa, ƙasa kaɗan, ya riƙe bambancin, kuma ba zai rubuta shi a rasit da sunan caji ba.

Mu ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ce a farashin tsakiya. Misali ne kawai, don farashi kullum motsi yake. Kamfani na farko ya ce aike kyauta ne, amma ya canza fam a kan 1,940. Fam 500 ta zama naira 970,000. An ci naira 30,000, wato kashi 3 cikin ɗari, ga mai aike can yana murna bai biya komai ba. Kamfani na biyu ya cire fam 4 kuɗin aike a fili, ya canza sauran fam 496 a kan 1,990. Abin da zai iso Kano naira 987,040 ne. Mai cajin ya fi mai "kyautar" sauƙi da sama da naira 17,000. Shi ya sa a ganina tambayar "nawa ne kuɗin aike?" ɓata baki ce. Abin tambaya shi ne: idan na ba da fam 500 cif, naira nawa za ta shiga hannun mai karɓa?

Mutanen Nijar sun fi samun sauƙin gane wannan idan daga Faransa ko Beljiyam aka turo, domin an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, ba ta hawa ba ta sauka. Duk abin da ya gaza haka a rasit, yanka ne.

Wuri na biyu ya shafi aike daga banki zuwa banki ta hanyar SWIFT, kamar a turo dala daga Jidda zuwa asusun dala a Kaduna. Sau da yawa bankunan biyu ba su da asusu a wajen juna, sai kuɗin ya bi ta wani babban banki, galibi a New York idan dala ce. Wannan banki na tsakiya yana cire ladansa daga cikin kuɗin, abin da kan kai dala 15 zuwa 30. Idan bankuna biyu ne a tsakiya, sau biyu za a cira, sannan bankin mai karɓa ma yana iya ɗaukar nasa. Dala 1,000 sai ta iso 950.

Wa zai ɗauki wannan nauyi? A fom ɗin aike akwai zaɓi uku da mutane ke tsallakewa ba su karanta ba. BEN na nufin a cire komai daga kuɗin mai karɓa. SHA na nufin mai aike ya biya bankinsa, sauran a cire a hanya, kuma shi aka fi sawa idan ba ka yi magana ba. OUR kuwa mai aike ne zai biya duka. Wanda zai biya kuɗin makaranta ko kuɗin kaya, inda giɓin dala 25 zai sa a ce bai gama biya ba, OUR ya kamata ya zaɓa, kodayake ko da shi akan samu bankin tsakiya ya ɗan taɓa.

Idan kuɗi ya iso da giɓi, a dubi yanayin giɓin. In ya zo dunƙule, kamar dala 20 ko 25, komai yawan abin da aka turo, aikin bankin tsakiya ne. In kuwa yana girma daidai da girman kuɗin, a canji aka ci. Mai aike yana iya neman bankinsa ya ba shi takardar shaidar aike ta SWIFT, wadda ke nuna abin da aka tura.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin sauko da tsadar aike ƙasa da kashi 3 cikin ɗari nan da 2030. Alƙaluman Bankin Duniya kuwa sun daɗe suna nuna aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana cin wajen kashi 8, mafi tsada a duniya, kuma a lissafinsu har da ribar canjin suke haɗawa.