Idan An Ƙi Rubuta Ƙorafinka a Caji Ofis

A ce an sace wa wani mai ɗinki babur a ƙofar shagonsa a Kano, maƙwabcinsa kuma ya ga wanda ya tura shi. Ya je caji ofis, ɗan sandan da ke kanta ya saurare shi, sannan ya ce, "Malam, ku je ku sasanta a unguwa," ko ya ce babu man da za a fita bincike sai an kawo wani abu. Mai ɗinki ya koma gida yana cewa ya kai rahoto. A idon doka bai kai ba, domin ba a rubuta komai ba.

Rahoto yana somawa ne lokacin da aka shigar da shi a littafin ofishin, da rana da lokaci da sunan mai ƙorafi. Daga nan a miƙa shi ga sashen binciken laifuka, a ba wani jami'i aikin, a ɗauki bayanin mai ƙorafi. Idan bai iya rubutu ba, a rubuta masa, a karanta masa cikin harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Ya riƙe sunan jami'in da lambar shigar da rahoton, ya ba da kwafin takardun babur, na asalin su zauna a hannunsa.

To, idan na kanta ya ƙi fa? Ba shi ne mai yanke hukunci ba. A nemi ganin baturen 'yan sandan ofishin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta yarda shugaban ofis ya ƙi karɓar ƙorafi idan ya ga babu amfanin jama'a a gurfanarwar, amma da sharaɗin ya sanar da mai ƙorafi cewa yana da damar zuwa kotu da kansa. Wannan sharaɗin ne ba kasafai ake gaya wa talaka ba, kuma abin yana ci mini rai, domin mutane da yawa a nan suke haƙura da haƙƙinsu.

Akwai ƙin da yake bisa ka'ida. Da bashi mai ɗinkin yake bi, ko ciniki ne ya lalace, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan irin wannan. Kotun ƙararrakin dukiya ce wurinsa. Sata kuwa laifi ce, ba ta cikin wannan.

Mataki na gaba takarda ce. A rubuta koke zuwa ga kwamandan yanki ko kwamishinan 'yan sandan jiha, a faɗi abin da ya faru, ranar da aka je ofis, wanda aka tarar, da abin da ya ce. A yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a kan ɗaya, a tafi da shi gida. Hatimin nan shi ne shaidar da ba a iya musantawa gobe. Idan neman kuɗi ne ya hana aikin, akwai sashen karɓar koke-koken jama'a da rundunar ta kafa a 2015, akwai kuma Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce ƙara kai tsaye a kotun majistare. Mai ɗinki, ko lauyansa, ya rubuta wa kotu laifin da wanda yake zargi. Alƙali na iya kiran mutumin ya zo ya amsa, ko ya tura maganar ga 'yan sanda su bincika su kawo masa sakamako. Umarnin kotu ba ya kwana a kanta yadda maganar baki take kwana. Sai dai a faɗi abin da aka gani kawai, domin ba hukuma labarin ƙarya shi ma laifi ne.

Idan bincike ya nuna akwai hujja, 'yan sanda su cika takardar rahoton farko, su kai wanda ake zargi kotu. Tsarin mulkin 1999 ya ce cikin kwana ɗaya da kama shi idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A karanta masa zargin, ya amsa ko ya musanta. A nan rahoto ya zama shari'a. Manyan laifuka kamar kisa da fashi da makami kuwa sai an tura fayil ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan a gurfanar a babbar kotu.

Daga wannan rana mai ɗinki ya zama shaida, mai gabatar da ƙara ne ke jan ragamar. Ya karɓi ranar zama daga wajen rijistaran kotu, ya zo da maƙwabcin da ya ga satar. Idan aka yi ta kira babu shaidu, alƙali na iya korar ƙarar ya sallami wanda ake zargi.