Bugun Sama Kafin Bugun Sara

Filin badminton mita 13.4 ne a tsawo, amma idan yara ashirin ne kan fili guda, sai malami ya tsaga shi gida biyu ta tsawo. Gwamma a rage faɗi, domin bugun sama, wanda ke cilla ƙwallon gashi can bayan abokin wasa, tsawo yake nema.

A fara da jifa, ba raket. Yaro ya juya gefe, ya ɗaga gwiwar hannu, ya wurga ƙwallon ta haye raga. Daga nan a rataye ƙwallo da zare daidai inda raket zai kai idan hannu ya miƙe, a yi ta bugu. Riƙon shi ne matsala: wanda ya riƙe raket kamar matankaɗi, ƙwallonsa ba za ta wuce tsakiyar fili ba.

Sai ƙwallo ta riƙa sauka tsakanin layukan baya biyu za a shiga bugun sara. Lilon hannun ɗaya ne, sai dai a tari ƙwallon a gaban jiki, a sare ta ƙasa. Ni daga kusa da raga nake farawa, yaro yana ja da baya taki-taki. Idan ta miƙe ta fita waje, ya bari ta wuce kansa ne.