Me Ya Sa Rubutu Ke Zamewa Gefe A Shafin Intanet?

Mai karatu a kwamfuta yakan latsa wani shafi, sai ya ga rubutu da hotuna sun ɗan zabura zuwa hagu. Ya koma shafin baya, su dawo dama. Wasu kan ɗauka allon ne ya samu matsala ko sabis ne ba ƙarfi. Ko ɗaya babu. Abin da ke jawo haka shi ne siririyar sandar nan ta gefen dama, wadda ake ja a sauka ƙasa ko a hau sama.

Burauza ba ta fito da sandar sai abin da ke shafin ya fi tsawon allo. A kwamfutocin Windows kuwa, idan sandar ta fito tana cin wurinta daga faɗin shafin, kimanin fiksel 15 zuwa 17. Kamar mutanen da suka cika benci ne wani ya iso: dole kowa ya muskuta.

Bari mu yi lissafi. A ce faɗin tagar burauza fiksel 1366 ne, rubutun kuma yana cikin akwati mai faɗin 960 da aka zaunar a tsakiya. A gajeren shafi, inda babu sanda, rarar 406 ce, wato 203 a kowane gefe. A dogon shafi sanda ta ci 15, faɗin ya koma 1351, rara ta zama 391, kowane gefe ya samu 195.5. Ke nan akwatin ya matsa hagu da fiksel 7.5, rabin faɗin sandar. Abin da aka jingina da gefen dama kuwa, kamar maɓallin shiga, zai matsa da 15 cif. Tazarar kaɗan ce, amma ido na kama ta nan take, kuma takan sa wanda ya auna ƙaramin maɓalli ya latsa gefensa.

Haka ma yake faruwa idan akwatin sanarwa ya buɗo a kan shafi. Masu gina shafi sukan kulle na baya da `overflow: hidden` don kada ya motsa, sai sanda ta ɓace, komai ya zabura dama. Wanda ke son tabbatar da cewa sandar ce sila, ya buɗe `Console` na burauza ya rubuta:

```js
window.innerWidth - document.documentElement.clientWidth
```

In ya ga 0 a gajeren shafi, ya ga 15 ko 17 a dogo, to ya kama mai laifin.

Da can maganin shi ne `overflow-y: scroll`, wanda ke tilasta wa sanda ta tsaya kullum, ko da babu abin ja. Yana aiki, sai dai yana barin matacciyar sanda a gefen gajerun shafuka. Yanzu akwai umarnin da aka tanada domin wannan matsala kanta:

```css
html {
  scrollbar-gutter: stable;
}
```

Ma'anarsa, a keɓe wa sanda wurinta tun farko, ta zo ko ba ta zo ba. A misalinmu faɗin shafi zai tsaya a 1351 a kowane hali, saboda haka babu abin da zai motsa, har a lokacin da aka kulle shafi da `overflow: hidden`. Chrome ta karɓi umarnin a siga ta 94 a 2021, Firefox a ta 97 a 2022, Safari kuma a ta 18.2 a ƙarshen 2024. Tsohuwar burauzar da ba ta san shi ba tsallake shi kawai take yi, ba ya ɓata komai.

Akwai wuraren da ake yin tuntuɓe. Idan shafin gaba ɗaya ake nufi, a kan `html` ake sa shi. Wanda ya sa a kan `body` ba zai ga canji ba. Na biyu, wurin da aka keɓe a gefe ɗaya yake, don haka a gajeren shafi rubutun zai ɗan karkata hagu, kuma kan shafi mai launi na iya tsayawa bai kai bakin allo ba. Wanda karkatar ta dama sai ya rubuta `stable both-edges`, a keɓe wuri daidai a ɓangarorin biyu. Farashinsa shi ne asarar fiksel 30 maimakon 15.

Na uku shi ya fi yaudarar masu aikin. A wayoyin hannu, da kwamfutocin Mac a yadda suka saba zuwa, sandar tana shawagi ne a saman rubutu, ba ta cin wuri. A nan babu zamewa, umarnin ma ba ya yin komai. Shi ya sa mai gina shafi zai duba a wayarsa ya ce lafiya lau, alhali ɗalibin da ke cike fom a shagon kwamfuta yana ganin komai na rawa. Saboda haka duk mai gina shafi ya gwada aikinsa a kwamfutar Windows, ya bi ta gajeren shafi da dogo, ya buɗe akwatin sanarwa ya rufe, kafin ya miƙa wa jama'a.