Yadda Waya Ke Mayar da Hoton Tikiti Bayanai Gurbi-Gurbi

Tikitin tafiya, na jirgi ne ko na bas, amsar tambayoyi biyar yake ɗauke da ita: wane ne fasinjan, daga ina zuwa ina, wace rana, ƙarfe nawa, kuma wace kujera. Ɗan Adam kallo ɗaya zai yi wa takardar ya ga amsoshin. Amma idan aka ɗauki hotonta da waya, abin da wayar ta samu ɗigo-ɗigon launi ne kawai, ba ta san suna daga lamba ba. Kafin manhaja ta iya tuna wa mutum lokacin tashinsa, ko ofis ya iya tattara tafiye-tafiyen ma'aikatansa a jadawali guda, dole a fitar da amsoshin nan biyar daga hoton, a ajiye kowacce a gurbinta mai suna. Mutane da dama na ɗauka cewa wahalar aikin tana wajen karanta haruffa. Gaskiyar magana, ta fi yawa a wajen gane wace lamba ce ta wane gurbi, da tabbatar da cewa an karanta ta daidai.

Aikin yana farawa da gyaran hoto. Manhaja takan nemo gefuna huɗu na takardar, ta miƙar da ita idan an ɗauke ta a karkace, ta cire launi, sannan ta ƙara bambanci tsakanin baƙin rubutu da farin takarda. Tun a nan ake samun matsala ta farko. Yawancin katunan shiga jirgi, da rasit ɗin da 'yan ƙananan injuna ke fitarwa a tashoshin mota, ana buga su ne a kan takardar da zafi ke fito da rubutunta, babu tawada. Irin wannan takarda ba ta jure rana ko zafin aljihu, rubutun yakan dusashe. Abin da ya goge kuwa, babu gyaran hoton da zai dawo da shi.

Daga nan sai karatu, wanda masu sana'ar ke kira OCR. Manhajar karatu tana bin hoton layi-layi, tana mayar da siffofi haruffa. Fasahar ba sabuwa ba ce. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin, Tesseract, an fara ƙirƙirar ta ne a kamfanin HP tun shekarun 1980, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005. Abin da take bayarwa ba rubutu kaɗai ba ne. Tana faɗin inda kowace kalma take zaune a jikin takardar, da kuma gwargwadon tabbacin da take da shi a kan karatun. Waɗannan bayanai biyu su ne jarin mataki na gaba.

Mu ɗauki misali, da suna da lambobi na ƙirƙira. Wani fasinja zai tashi daga Kano zuwa Legas, ya ɗauki hoton katinsa na shiga jirgi, manhajar karatu ta fitar da wannan:

```
ABUBAKAR/MUSA MR
KAN  L0S   XX 0412   14MAR
BOARDING 06:50   DEP 07:30
GATE B2   SEAT 188
```

Sunan bai da wuyar ganewa, domin kamfanonin jiragen sama suna da tsari ɗaya: sunan mahaifi ko na dangi a farko, sai karan tsaye mai karkata, sai sunan mutum, sai laƙabi. Saboda haka Musa Abubakar ne fasinjan, kuma MR ba ya cikin sunansa. Wannan na da amfani a sani, domin wasu tikitocin sukan manne laƙabin da sunan, a ga MUSAMR, manhajar da ba a koya mata ba sai ta raɗa wa mutum sabon suna.

Hanya kuma ana gane ta da haruffa uku-uku da Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, ta ware wa kowane filin jirgi: KAN na Kano, ABV na Abuja, NIM na Yamai, JED na Jidda. To amma duba abin da aka karanta a misalinmu: L0S, da sifili a tsakiya. Lambar filin jirgi haruffa ce zalla, babu adadi a cikinta, don haka manhajar ta san an yi kuskure. Ta kuma san sifili da harafin O suna kama. Sai ta gwada LOS, ta duba jerin filayen jirage, ta tarar da Legas. Haka ake kama yawancin kurakuran karatu: ba da sake zura wa hoton ido ba, sai da sanin siffar da kowane gurbi ya kamata ya ɗauka.

Kujerar ma haka abin yake. An karanta 188, alhali kujerar jirgi lambar layi ce da harafi guda, kuma babu jirgin fasinja mai layuka 188. Harafin B da adadin 8 sun saba rikita na'ura, kamar yadda S da 5 ko I da 1 ke yi. Amsar da ta fi dacewa ita ce 18B. A nan ne kuma sanin mazaunin kalma ke aiki. B2 da 18B duk harafi ne da lamba, amma ɗaya yana kusa da GATE, wato ƙofar da za a bi a shiga jirgi, ɗayan yana kusa da SEAT, wato kujera. Idan hoton ya karkace har layuka suka hau juna, manhaja na iya ba mutum lambar ƙofa a matsayin kujerarsa.

Lokaci ya fi kowane gurbi haɗari, domin kuskurensa ba ya nuna alama. Akwai lokuta biyu a katin: 06:50 na fara shiga jirgi, da 07:30 na tashi. Dukansu lokuta ne ingantattu, babu wata ƙa'idar siffa da za ta ce ɗaya ba daidai ba ne. Kalmar da ke gefen kowanne ce kaɗai ke raba su, kuma wasu katunan lokacin shiga kawai suke bugawa. Manhajar da ta ɗauki lokacin farko da ta gani ta kira shi lokacin tashi ta yi ƙarya, ko da ta karanta kowane adadi daidai. Sannan lokutan tikitin jirgi agogon garin da abin ya faru suke bi. Mai zuwa Jidda daga Kano zai ga lokacin tashi da agogon Najeriya, lokacin sauka da agogon Saudiyya, wanda ke gaba da awa biyu. In ba a ajiye kowane lokaci tare da garinsa ba, lissafin tsawon tafiyar zai ƙaru da awa biyun da babu su.

Kwanan wata a misalinmu mai sauƙi ne, 14MAR, 14 ga Maris. Sai dai babu shekara, dole a cike ta daga ranar da aka ɗauki hoton. Inda ake shan wuya shi ne tikitin da ya rubuta 03/04. A Najeriya da Nijar wannan 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Shi ya sa idan an gama tantancewa ake ajiye kwanan wata da tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, wanda ba ya karɓar fassara biyu.

Tikitin jirgi yana da wani shaida na biyu da ke sauƙaƙa aikin, wato bakod, zanen nan mai baƙaƙen ɗigo da sanduna da ake haskawa a bakin ƙofa. Na jikin takarda ana kiran nau'insa PDF417, kuma abin da ke cikinsa yana bin ƙa'idar IATA. Idan waya ta warware shi, rubutu ne kamar haka:

```
M1ABUBAKAR/MUSA MR    EK7Q2PD KANLOSXX 0412 073Y018B0045 100
```

A nan babu buƙatar hasashe, domin kowane bayani yana da mazauninsa da adadin haruffansa. Suna yana da gurbin haruffa 20. Bayansa akwai lambar ajiyar tafiya, sai KAN da LOS, sai kamfani da lambar jirgi. Ga 018B, wanda ya tabbatar da gyaran da aka yi wa kujera. Shi kuwa 073 rana ta 73 ce a shekara: Janairu kwana 31, Fabrairu 28, jimla 59, saura 14, wato 14 ga Maris. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, lambar guda za ta faɗa kan 13 ga Maris, don haka daidaituwar 073 da 14MAR ta nuna shekarar ba irin wannan ba ce.

Amma bakod ma yana da iyaka. Lokacin tashi ba ya cikin bayanan da ƙa'idar ta wajabta a saka, sai an koma ga rubutun takarda. Kuma suna mai tsawo yakan yanke a harafi na 20. Manhaja mai kyau tana haɗa shaidun biyu, inda suka saɓa kuma ta tambayi mai ita. Sakamakon ƙarshe shi ne:

```
{
  "fasinja": "Musa Abubakar",
  "daga": "KAN",
  "zuwa": "LOS",
  "rana": "2025-03-14",
  "tashi": "07:30",
  "kujera": "18B"
}
```

Tikitin bas ya fi na jirgi wuya nesa ba kusa ba. Babu ƙungiyar da ta tsara wa kamfanonin mota fasali ɗaya, kowa da irin takardarsa. Sau da yawa fom ne da aka buga, magatakarda ya cike da biro cikin sauri, wani lokacin ma hatimi ya hau kan rubutun. Sunayen garuruwa babu jerin lambobin da za a duba, ana taƙaita su yadda aka ga dama. Adireshin babban ofishin kamfanin da ke saman takardar na iya shiga gurbin "daga", alhali motar daga wani garin za ta tashi. Kujera lamba ce tsirara, tana iya rikicewa da lambar mota ko ta kaya. Lokaci kuma a rubuta 7:00 kawai, ba safe ba yamma, ga shi bas ɗin dare abu ne da aka saba. A irin wannan hali abin da ya dace shi ne manhaja ta bar gurbin a buɗe ta nemi mutum ya cike. Gurbin da babu komai yana sa mutum ya duba takardarsa, amma wanda aka cike da hasashe yana sa shi ya saki jiki har mota ta tafi ta bar shi.

Mai son sakamako mai kyau sai ya shimfiɗa tikitin a kan abu mai duhu, cikin haske wadatacce, ya riƙe wayar daidai saman takardar, ya tabbatar gefuna huɗu da bakod sun shiga, kuma ya kashe fitilar kyamara, domin ƙyallinta yana share rubutu. Takardar da ke dusashewa a ɗauki hotonta ranar da aka karɓe ta. Bayan manhaja ta gama, a gwada rana da lokaci da abin da ke jikin takardar kafin a dogara da su. Sannan a kiyaye: yadda wayarka ta warware bakod ɗin nan, haka wayar kowa za ta warware shi, kuma a shafukan kamfanonin jirage da yawa sunan mahaifi da lambar ajiya sun isa a buɗe bayanan tafiyar mutum. Kada ka saka hoton katinka na shiga jirgi a dandalin sada zumunta.