Zanen da ke Cikin Murfin Akwati

A Fadan Kagoma, cikin ƙaramar hukumar Jama'a, idan kuɗin citta ya shigo hannu, mai hali kan haƙa rijiyar burtsatse. Masu haƙa su gama su tafi, haɗa famfon da ake zurawa cikin rijiyar, wanda kowa ke kira sumo, ya koma hannun masu aikin lantarki.

Wani yaron shago, da ya ƙware a wayarin na ɗaki, ya samu irin wannan aiki ranar da ogansa ya tafi Kafanchan sayen kaya. Wayoyi uku ne suka fito daga rijiyar, ban da ta ƙasa. A cikin murfin akwatin kafasita akwai zanen da ke nuna inda kowacce za ta shiga. Ko kallo bai ishe shi ba. Ya taɓa ganin oga ya haɗa wani sumo, sai ya bi launin wayoyi yadda ya haddace.

Matsalar ita ce kamfanoni ba su bin launi ɗaya. Injin yana da koyil biyu: na aiki mai kaurin waya, da na tayarwa mai siririyar waya, wanda ake ba wuta ta cikin kafasita. Yaron ya musanya su, siririn koyil ya sha wuta kai tsaye. Ruwa ya fito kaɗan-kaɗan, makarin akwatin ya yanke wuta. Gargaɗi ne, amma yaron ya yi ta danna maɓallin yana mayarwa har injin ya yi tsit.

Da yamma da oga ya dawo, suka jawo bututu ɗaya bayan ɗaya, suka fito da injin da ya ƙone. Oga ne ya biya sabo, don mai rijiyar ba da yaro ya yi ciniki ba.

"Oga, wallahi yadda na ga kana yi na yi."

"Ka ga hannuna, ba ka ga abin da nake karantawa ba. Ɗauko mita."

Ya sa shi auna wayoyin sabon injin bibbiyu. Mita ta nuna om 3, om 7, om 10. Lissafin a fili yake: inda aka samu 10, koyil biyun ne a jere, don haka wayar da ba a taɓa ba ita ce ta tarayya, wato C. Daga ita, mai 3 ce ta aiki, mai 7 ta tayarwa. Yaron ya duba murfin, ya ga abin da zanen ya nuna tun safe ke nan.

Yanzu, kafin ya taɓa sukudireba, sai ya ɗauki hoton zanen a wayarsa, ya auna, ya manna wa kowace waya alama da tef. Kuɗin injin kuwa, ana cirewa daga ɗan abin da oga ke ba shi duk mako.