Yadda Ake Gane Jabun Ruwa da Lemon Roba

Murfin roba da zoben da ke ƙarƙashinsa tare ake ƙera su, wasu siraran haƙora ke haɗa su. Da an murɗa, sai haƙoran su karye. Mai sake cika tsohuwar roba yakan liƙe su da gam ko da wuta, wanda ke barin tabo.

Amma ɗan jabu na iya sayen sabon murfi, don haka a ƙara dubawa. Ledar wuya da aka ƙanƙame da hannu takan yamutse. Gam ɗin masana'anta siririn layi ne a bakin takarda, ba damalmale ba.

Robar lemo mai gas kuwa galibi ƙafa biyar gare ta, domin jure matsin iska. Idan gindinta shafaffe ne irin na robar ruwa, to, a guje ta.